Kalma Arba'in na Malama Edna

Shekara talatin Malama Edna ta yi tana koyar da taƙaita rubutu a wata sakandare a Jimeta. 'Yar Numan ce, gajeriya, ga tabarau ga jan biro, kuma ba ta iya ɓoye fushi ba. Dokarta ɗaya ce: in wuri ya yi kaɗan, fara yanke abin da mai karatu ya riga ya sani, sannan maimaici, sannan ado. Abin da aka zo nema, shi ba a taɓa shi.

Ta yi ritaya ke nan Mubi ta faɗa hannun 'yan ta'adda, mutane suka kwararo Yola da abin da ke jikinsu kawai. Sai ta shiga aikin sa kai a wata ƙungiya, tana rubuta cigiyar waɗanda suka ɓata. Gidan rediyo ya ba su fili kyauta da sharaɗi: kowace cigiya kalma arba'in, in ta ɗara ba a karantawa.

A nan Rebeka ta same ta. Ta gudo daga Michika da mahaifinta Ishaku, tsoho mai ruɗewa, ya sulale mata a tashar mota. Malama ta rubuta, ta miƙa wa Gabriel, jami'in da ke tace takardu kafin a kai rediyo. Mako uku shiru. Kullum Rebeka tana bakin ƙofa, ta rame kamar tsinke.

Ran nan Malama ta nemi kwafin abin da aka karanta. Tana dubawa ta ji jininta ya hau. Ai wannan ɗan boko, da ya ga sunan ofis bai shiga ba, sai ya buɗa masa wuri. "Ƙungiyar Agajin Gaggawa da Haɗa Iyalai ta Arewa maso Gabas tana baƙin cikin sanar da jama'a," kalma goma sha shida sun tafi ba a ko ambaci tsoho ba. Abin da ya cire kuwa laƙabin mutumin ne da zancen yatsan da ya rasa.

Ta shiga ofishinsa ko sallama babu.

"Gabriel, wa ya ɓata? Kai ko ƙungiyarka?"

"Mama, ki yi haƙuri. Masu ba mu tallafi suna son jin sunanmu. Kuma laƙabi ba suna ba ne, na bar cikakken sunansa da shekarunsa."

"Sunan da shi kansa ya manta? Mutum ya ga tsoho a hanya, shekarunsa zai gani ko hannunsa? Baƙin cikinku kuma wa ya tambaye ku? Duk wanda ya ji cigiya ya san ba biki ake ba."

Ta zaro jan bironta a gabansa. Ta soke baƙin cikin, ta soke godiyar ƙarshe, ta soke "dattijo" tunda an ce tsoho, ta soke shekarun, sunan ƙungiya ya bi su. Ta sake rubutawa: "Ana cigiyar tsoho daga Michika, ya ɓata a Jimeta. Ba ya amsa sunansa Ishaku, sai Kafinta. Babu babban yatsa a hannunsa na hagu. Yana yawan neman gudumarsa. A kira 'yarsa Rebeka a wannan lamba."

"Talatin da biyar har da lambar," ta ce. "Ga biyar nan na bar maka, ka cusa ƙungiyarka in za ta shiga."

Da ƙafarta ta kai takardar gidan rediyo. Washegari da hantsi wani manomi, Badamasi, ya kira daga Girei. Ya ce tsohon a gidansa ya sauka, an tsince shi yana yawo bayan gada. Sun tambaye shi suna har sun gaji, ba ya cewa komai sai Kafinta. Cigiyar farko ma sun ji ta sau biyu, amma ina suka san wani Ishaku? Zazzaɓi ya kama shi, sun kai shi asibiti, kwana biyar ke nan da binne shi.

Malama ce ta raka Rebeka kabarin. Ita Malama ba ta yi kuka ba, haushi ya hana ta. Da suka dawo ta ajiye tsohuwar takardar a teburin Gabriel, ta zagaye kalmomin nan goma sha shida da ja, ta fita abinta.

Yau ta tsufa, tana zaune a unguwar Adarawo, masu neman aiki da ɗalibai suna kawo mata rubutu ta rage musu. Tana yi, amma da faɗa. Gabriel ya sha aiko mata gaisuwar Kirsimeti a waya, doguwa, mai cike da ban haƙuri. Sau ɗaya ta taɓa amsa masa, da kalma biyu: "Kwana biyar."