Malam Haladu Kaumi da Labarin Zakaran Muhammad Nur

Haihuwa da Tasowa

An haifi Malam Haladu a shekarar 1961 a garin Kanya Babba ta ƙasar Babura. Mahaifinsa Malam Kaumi manomi ne, Babarbare, mahaifiyarsa kuwa Shatu ta rasu tun yana goye, saboda haka ƙanwar mahaifinsa, Ya Kura, ita ta rene shi tare da ɗanta tilo, Muhammad Nur. A 1969 ƙyanda ta shigo gari ta kwantar da yaran biyu a ɗaki guda. Haladu ya tashi, Muhammad Nur bai tashi ba, kuma Allah bai sake ba Ya Kura haihuwa ba.

Karatu, Aiki da Iyali

Bayan firamare ya shiga makarantar horon malamai, ya kama aikin koyarwa a 1982, ya zaga ƙauyukan Roni da Gwiwa kafin a dawo da shi Babura. A 1985 ya auri Malama Saude, Allah ya albarkace su da zuriya. Duk ɗawainiyar nan ba ita mutane ke tuna shi da ita ba, sai zamansa da gwaggonsa.

Zama da Ya Kura

A 2009, da mijin Ya Kura ya kwanta dama, ya ɗauko ta ya ba ta ɗaki a gidansa. Sannu a hankali mantuwa ta kama ta, har ta kan tambayi abincin da ta gama ci, amma labari guda ya ƙi barin ta: ranar da Muhammad Nur ya rungumi zakaransa ya bi ta zuwa kasuwar Babura zai sayar, da ya ji mai saye yankawa zai yi, sai ya cusa zakaran cikin riga ya kama hanyar gida. Tana iya ba da shi da hantsi, ta maimaita kafin azahar, har yaran gida suka haddace, da ta ɗauko sai kowa ya tuna da aikin da ya bari.

Malam Haladu kuwa ya kan ajiye rediyonsa, ya zauna ƙasa gefen tabarmarta, ya fuskance ta. Yana wurin a ranar kasuwar, ya san zakaran fari ne, amma in ta ce ja, ja ne. Bai taɓa riga ta kai ƙarshen zance ba, bai taɓa ce mata an ji ba. Akwai gaɓar da take tsayawa ta ɗaga kai, nan ya kan ce, “To Gwaggo, sai ya ce da mutumin me?” Sai ta ƙanƙance murya ta ce, “Nawa ba na miya ba ne!” su yi dariya tare. Daga nan ya kan miƙa mata kunu, ko ya tambaye ta yadda ake tuƙa burabusko, domin ya sani makonni kaɗan ne tsakanin kasuwar da ƙyandar, kuma ba ya so ta taka can.

A 2016 babbar ’yarsa Nafisat ta zo wankan jego. Rannan, ga rashin barci ga kukan jariri, gwaggo ta ɗauko labarin, sai bakin Nafisat ya suɓuce ta ce, “Haba Kaka, yaron nan fa ya rasu tun kafin a haife mu.” Tsohuwar ta ji shi tamkar yanzu aka yi mata sanarwa. Ta yini tana kuka tana tambayar dalilin da ba a kira ta ta gan shi ba, ta ƙi abinci. Malam Haladu bai yi wa ’yarsa faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne, “Mu mun ji sau dubu, ita sau ɗaya take faɗa. A nan kaɗai ɗanta yake da rai.” Nafisat ta daɗe tana jin ciwon wannan rana.

Rasuwa

Ya yi ritaya a 2017. Kowa ya ɗauka shi zai binne gwaggonsa, amma Allah ya ƙaddara akasin haka. Ya rasu a watan Maris na 2023 bayan fama da hawan jini, aka yi masa sutura aka kai shi makwancinsa a Kanya Babba kusa da mahaifinsa. Iyali suka yi shawara ba za a sanar da Ya Kura ba.

Ranar sadakar uku, gida cike da mata, ta ɗauko labarin zakara. Da ta iso gaɓar nan ta tsaya, ta ɗaga kai tana duban gefen tabarma, tana jira. Nafisat ta taso ta zauna a wurin, hawaye na zuba, ta ce, “To Gwaggo, sai ya ce da mutumin me?”

Ya rasu ya bar matarsa Saude da ’ya’ya huɗu: Nafisat, Jalaluddeen, Musaddiƙ da Zubaida, da jikoki, da kuma gwaggonsa Ya Kura, wadda har yau in ta gama dariya ta kan ce muryar Haladu ta canja. Allah ya jiƙansa da rahama.