Yadda Ɗana Ya Hana Matarsa Kuka da Turanci

Abin ya faru shekara biyu bayan rasuwar maigidana, a daminar da katangar bayan gidanmu na Samaru ta zube kan akurkin maƙwabta, kafin canjin kuɗin nan da ya sa tsofaffi wuni a layin banki. Ni ban yi boko ba, allon ma izu biyu na yi aka aurar da ni, amma ba a taɓa kama ni da rikita shekara ba.

Ɗana na biyu malamin Turanci ne a wata sakandare. A masallacin unguwarmu ana wa'azi duk Lahadi bayan la'asar, kuma saboda ɗaliban jami'a da mutanen kudu da ba su jin Hausa sosai, aka naɗa shi tafinta. Malam zai karanto Larabci, ya fassara da Hausa, ya tsaya, sai ɗana ya karɓi lasifika ya juya da Turanci. Maganar da Malam ya yi minti biyar yana warwarewa, shi a numfashi uku zai naɗe ta, don magariba ba ta jira. Ina bayan labule a sashen mata, ko kalma ɗaya ba na ji, amma nakan zunguri ta kusa da ni in ce, "Nawa ne."

Matarsa 'yar Sabon Gari ce. Iyayenta Kiristoci ne daga kudu, uwarta mai sayar da manja da busasshen kifi, wadda na yi shekaru ina saye a wurinta kafin mu zama surukai. Madam nake ce mata, ita ta ce mini Hajiya. Yarinyar ta musulunta tun tana ɗaliba. Hausar kasuwa ba a sayar da ita a ciki, amma Hausar wa'azi ta fi ƙarfinta, don haka addininta ta bakin mijinta yake shigo mata.

A daminar nan ɗansu na fari ya rasu, yana da shekara ɗaya da wata bakwai. Zazzaɓi ne, kwana uku. Ranar surukata ta yi kuka irin na mutanensu, da murya, tana kiran yaron. Mata suka kewaye ta, kowa "yi haƙuri, yi haƙuri". Bayan an tashi daga zaman makoki na ce ta biyo ni wa'azi ko zuciyarta ta yi sanyi, sai kuwa muka tarar Malam ya ɗauko babin sabru, wato haƙuri. Daga ranar idonta ya bushe ƙaf.

A nan nawa laifin yake. A wurinmu uwa ba ta nuna ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ko ya mutu takan daure saboda kunya. Da na ga ta yi shiru sai na hau yabo. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai na ce, "Kun ga surukar tawa? Ta fi ku zama Bahaushiya." Ban lura cewa tuwon da nake kai mata yana dawowa yadda ya tafi ba. Cikin wata guda zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. In ta idar da salla sai ta zauna kan darduma a takure, kamar mai jiran a kira ta gaban alƙali.

Wata ranar Alhamis da hantsi sai ga Madam ta sauka daga keke da jaka a hannu, babu komai a ciki.

"Hajiya, na zo in tafi da 'yata."

"Ikon Allah. Ko ruwa ba za ki sha ba?"

"Ba zan sha ba. Na ba ku yarinya da kumatu, dubi abin da ta koma. Ta ce mini a masallacinku an ce in ta yi kuka Allah zai yi fushi da ita. Wane irin abu ne wannan? Ko akuya ta rasa ɗanta tana kuka!"

"Wa ya faɗa mata haka?"

"Ɗanki. A lasifika."

Na ce ta ba ni zuwa Lahadi, in ban gyara ba ni da kaina zan haɗa mata kayan. Ta tafi, amma ta bar jakar a bakin ƙofa don in riƙa ganinta.

Da ɗana ya dawo daga makaranta na zaunar da shi a tabarma.

"Ranar da Malam ya yi babin sabru, me ka faɗa wa mutane?"

"Abin da Malam ya faɗa, Inna."

"Ni na ji abin da Malam ya faɗa. Naka nake tambaya. Maido mini da Turancin nan Hausa, kalma bayan kalma, kar ka yi mini kwaskwarima."

Ya yi 'yar dariyar masu digiri, ya ce sabru ya fassara da wata kalma wai feshens. Na ce wace ce ita, a ina ake amfani da ita? Ya ce kamar mutum yana tasha mota ba ta cika ba, ya zauna bai yi ƙorafi ba.

"To Malam jiran mota ya yi wa'azi a kai?"

Ni kuwa na jero masa, don kan da bai cika da takarda ba yana riƙe magana. Malam ya ce asalin sabru ɗaurewa ne, kamar yadda ake ɗaure dabba kada ta ɓalle. Ya ce iri uku ne: daurewa a kan yi wa Allah biyayya, kamar mai tashi asuba cikin sanyi, daurewa ga barin saɓo alhali rai yana so, da daurewa a kan ƙaddara mai ɗaci. A na ukun ya ce abu uku ake riƙewa, zuciya kada ta yi fushi da hukuncin Allah, harshe kada ya faɗi abin da bai dace ba, hannu kada ya mari fuska ko ya yaga tufa. Abin da aka hana ya kira shi niyaha, wato kururuwa da kirarin mamaci da birgima.

"Niyaha da me ka juya ta?"

"Da kuka."

"Hawayen da Malam ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar ranar da ƙaramin ɗansa ya rasu, ya ce rahama ce, ina ka kai su?"

"Lokaci ya ƙure, Inna. Ladan ya riga ya miƙe."

"Taƙawa fa? Malam ya rufe da ita."

Ya ce wannan ai ko a Hausa tsoron Allah muke cewa, shi ma da Turanci wai fiya ya ce, wato tsoro. Na ce haka ne, amma Bahaushe in ya ji tsoron Allah ya ji ta sau dubu tun yana goye, ya san mai tsoron Allah shi ne wanda ba ya tauye mudu, wanda za ka bar wa ajiya ka yi barci. Ita matarka a ina za ta samo wannan? Ka ba ta tsoro tsirara, ka ce kada ta yi kuka, ka ce ta zauna ta jira. To ga ta can ta zauna.

Wallahi sai ga malamin Turanci yana share ido da hula. Shi ma ɗansa ne ya rasu, na manta ban taɓa tambayarsa ba.

Washegari ya je wurin Malam bayan Juma'a. Malam ya ce tsoro zalla yana da nasa sunan a Larabci, haufu, kuma ba a barinsa shi kaɗai sai an haɗa shi da fatan rahama. Taƙawa kuwa daga kariya ta fito, mutum ya sa garkuwa tsakaninsa da abin da Allah ba ya so, kamar mai ratsa hanya mai ƙaya, ya tattare rigarsa, yana duba inda zai taka. Suka shirya cewa irin waɗannan kalmomi tafinta ba zai musanya su da kalma ɗaya ba. Zai faɗe su da Larabcinsu, ya kawo ta Turanci mafi kusa, ya faɗi inda ta gaza, sannan ya ba da misali. Malam ya yarda ya rage nasa don a samu fili.

Ranar Asabar muka yi gwaji a tsakar gida. Ya faɗa da Turanci, ya maido mini da Hausa, ni kuma in ce ya yi ko bai yi ba. Sau huɗu ina mayar da shi. Har ya ce, "Inna, ko ke za ki karɓi lasifikar?" Na ce da an sa ni boko ai da tuni.

Amma ban jira Lahadi ba. Na shiga ɗakin yarinyar na zauna a bakin gado, na gaya mata abin da ko maigidana bai sani ba har ya koma ga Allah. Nawa ɗan farin ma ya rasu yana rarrafe. A gaban mutane ban ɗiga hawaye ba, aka yi ta yabona. Amma wata uku kullum sai na hura ɗanyen itace a madafa don in samu hayaƙin da zan ɗora wa laifi.

"Mama, ba zunubi ba ne?"

"Kunya ce tamu ta Hausawa, 'yar nan. Allah bai aiko da ita ba. Mijinki ya gajarta miki magana, ni kuma na yaba miki a kan ciwo."

Ta dube ni, amma ba ta saki kukan ba. Ta fi yarda da lasifika, a can aka ɗaure ta.

Ranar Lahadi Madam ta zo, ta zauna a bencin mai shayi da ke tsallaken masallaci, da gyalen zuwa cocinta. Malam ya maimaita babin. Da ɗana ya karɓa na ji sabru da taƙawa suna fitowa cikin Turancin yadda suke, ba a canja musu riga ba. Ya daɗe. A tsakiya muryarsa ta karye, ya tsaya, ya ci gaba. Ban ji kalmomin ba, amma na san wurin, wurin hawayen Manzo ne. Sai na ji kan surukata ya sauka a kafaɗata, hijabina ya fara jiƙewa. Wata ta matso za ta ce yi haƙuri, na ɗaga mata hannu na ce, "Shi take yi."

Da muka fito Madam ta tare mu, ta duba idon 'yarta da ya kumbura, ta ce, "Yawwa." Sannan ta juya kan ɗana.

"Malam tafinta, da ka tambaye ni ai da na gaya maka. Mu ma muna da tsoron Allah a coci, kuma ba irin tsoron maciji ba ne."

A gida yarinyar ta ci tuwo malmala ɗaya da rabi, ni da Madam muna zaune muna kallonta kamar masu gadi. Jakar kuwa Madam ta tafi da ita, na cika mata da kuka da daddawa.

Malam ya rasu bara. Mai shayin ya koma garinsu, ban san labarinsa ba. Madam tana nan, ƙafa ta hana ta kasuwa, ni ce nake hawa keke in je Sabon Gari mu yi ta musu a kan wadda ta fi tsufa. Ɗana yana tafinta har yau, mutane suna ƙorafin yana jan lokaci. Surukata ta haifi uku bayan wancan, kuma ita ce yanzu take zama da matan da suka shigo addini ta warware musu kalmomin. Ni ma ga ni, sai dai yanzu sai an matsar da ni kusa da lasifika.