Tambayar da Na Ƙi Fassarawa

Bayan rasuwar matarsa, ƙanena ya daina zuwa kara, kasuwar shanu. Aka aiko mini daga Dapaong cewa ba ya ci, ba ya barci, ko saniyarsa ce ta ɓata ba ya ɗaga kai. Na je na ɗauko shi zuwa gidana a Sokodé. Da rubutu da addu'a suka yi tsawo, na kai shi asibiti.

Nas ɗin yaren Tem take ji da Faransanci, shi kuwa Hausa kaɗai, sai na zama tafinta. Ta tambayi cinsa da barcinsa, na fassara. Sannan ta ce, "Tambaye shi, yana tunanin kashe kansa?"

Ɗan malam guda za a yi wa wannan tambaya? Na juya na ce masa, "Wai kanka na ciwo?" Ya girgiza kai. Na ce, "Madam, ya ce a'a." Allah ya yafe mini. Ta ba mu magani muka koma, na damƙa masa kwalin gaba ɗaya.

Bayan 'yan makonni ya fara tashi, har wanka yake yi. Ina ta murna. Matata ce ta tare ni a zaure.

"Maigida, wannan sauƙin bai kwanta mini ba. Ya ba da sandarsa da rigunansa. Tun safe yake bin mutane yana neman gafara. Tafiya zai yi?"

Na faɗa mata abin da na yi. Ta ɗauki mayafi, muka koma asibiti da shi.

Wannan karon ita ta yi tafinta, ba ta rage ko kalma ba. Da nas ta maimaita tambayar, ƙanena ya kalli ƙasa ya ce, "E." Nas ta ci gaba a hankali: ya shirya yadda zai yi? Abin da zai yi amfani da shi yana kusa? Ya taɓa gwadawa? Ashe abin yana cikin ɗakin ajiyata, har rana ya tsayar.

Ta ce tambaya ba ta saka wa mutum tunanin, kuma lokacin da ƙarfi ya fara dawowa ne ake ƙara sa ido. Likita ya kwantar da shi a gadon da nas ke hangowa. Aka karɓi zariyar wandonsa da reza. Magani a hannunsu yake, sai sun ga ya haɗiye. Ko bayan gida sai da rakiya, ƙofa ba sakata. Ni kuma aka tura ni gida na kwashe igiyoyin shanu, maganin kaska da wuƙaƙe, na kai shagon maƙwabci aka kulle.

Yanzu yana gidana, maganinsa yana wurin matata, muna komawa asibiti. Har yau bakina nauyi yake yi, amma nakan tambaye shi da kaina.

"Yau tunanin ya zo?"

"Ya zo, Yaya. Zauna tukuna, kada ka fita."

Sai in cire takalmi in zauna.