Takalmin da Anti Zare Ta Raina

A layinmu ba mai kiranta da sunan yanka, Anti Zare kowa ke cewa. Tun tana budurwa take kan keken ɗinki, irin na ƙafa, kuma kamar yawancin teloli, ba ta taɓa taka shi da takalmi ba. Sai ta tuɓe silifas ta tura su gefe, sannan aiki ya fara. Bakinta kuwa ya fi almakashinta kaifi.

Da ciwon ƙoda ya kama maigidanta, sai zuwa asibiti wankin ƙoda ya zama musu dole duk mako. Motarsa na ajiye a ƙofar gida, kaji sun mayar da ƙarƙashinta majalisa. Maƙwabcin da ke kai su an yi masa canjin wurin aiki, ƙarshen wata zai tashi. Shi ya sa Anti Zare ta shiga makarantar koyon tuƙi da furfurarta. Malaminta wani siririn dattijo ne da ɗalibai suka sa wa Malam Birki, don ƙafarsa ba ta nisa da birkin da ke gefensa.

A filin koyo ta yi ta zagaye tsofaffin tayoyi har hannunta ya faɗa. Sai ga saƙon Malam Birki a waya: "Gobe ƙarfe bakwai na safe za mu hau titi. Mu haɗu a gidan man da ke kusa da shataletale, ba a fili ba. Ki zo da takardar izinin koyo, da tabaranki, da takalmi rufaffe marar tsini. Wanda ya rasa darasin titi ba ya shiga gwajin wannan wata."

Ta karanta, ta sa takarda da tabarau a jaka. Da ta zo kan takalmi sai ta ja tsaki. Ita da za ta tuɓe ko ma mene ne?

Ta riga Malam Birki isa. Ya tsayar da motar, ya dubi takarda, ya dubi tabarau, sannan idonsa ya sauka ƙasa ya ƙi tashi.

"Hajiya, ina takalmin?"

"Ga su kana gani. Ai cirewa zan yi, kamar a fili."

"A fili taya za ki buge. Nan mutum ne. Ƙafa ta yi gumi ta zame daga kuloci, ko silifas ya gangara ƙarƙashin birki, me za mu ce wa mutane?"

"Malam, ƙafar nan tana taka ƙarfe tun kana rarrafe."

"Keken ɗinki bai taɓa kashe kowa ba." Ya zare makulli ya sa a aljihu. "Ƙarfe takwas ina da wani ɗalibi."

Gida da nisa, shaguna ba su buɗe ba, kuma ko ta koma, ba ta da rufaffen takalmi ko ƙafa ɗaya. In gwajin ya wuce ta, sai wani watan, bayan maƙwabci ya tashi. Ta tsaya tana bin ƙafafun mutane da kallo kamar mai neman allura. Takalmin mai faci ya yi girma kamar kwale-kwale. Na direban tanka, ko kyauta ba ta so.

Sai ta hango matar da ke zuba mai, da kambas a ƙafa.

"Ƙanwata, don Allah ara mini takalminki."

"Ikon Allah! Yaya, mai muke sayarwa a nan."

"Mijina ne ba lafiya. Ni zan riƙa kai shi asibiti, in wancan mutumin ya bar ni na koya."

Matar ta dube ta, ta dubi ofishin manaja, ta sunkuya ta kwance igiya. "Ki dawo kafin oga ya ga ƙafata. Kuma ban wanke safa ba, kada ki ce ban faɗa ba."

Ya ɗan matse ta, amma ya shiga. Malam Birki ya sa ta taka kuloci har ƙasa, ta saki, ta sake takawa, sannan ya miƙa makulli.

Ƙafar ta zama baƙuwa, ba ta jin ƙarfen yadda ta saba. A bakin shataletale ta saki kuloci da gaggawa, mota ta yi tsalle ta mutu. Wata babbar mota ta tsaya a bayansu tana danna oda kamar za ta haɗiye su. Gumi ya cika mata tabarau.

"Kar ki dubi direban," in ji Malam Birki a hankali. "Fitar da giya. Tayar. Giya ɗaya. Ki ba waɗanda ke cikin shataletale hanya tukuna."

Ta jira. Hanya ta buɗe. Ta ɗaga ƙafa kaɗan-kaɗan har motar ta ɗauka, suka shiga, suka zagaya, ta kunna sigina suka fita.

Da suka dawo gidan man, bai yaba mata ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi, "Zan sa sunanki a gwaji. Kafin nan sai mun sake shataletalen nan har ya gaji da ke."

Ta buɗe ƙofa ta fito. Daga bakin famfon mai, mai kambas ɗin ke ɗaga mata hannu da ƙarfi, tana nuna ofishin manaja da haɓa.