Famfon Ƙarshe

A ma'aikatar ruwa ana kiransa Mai Kwalba, domin shekara ashirin da ɗaya ke nan ba a ganinsa sai da akwatin kwalabe a hannu. A gida kuwa Auta ne, ko da yake furfura ta fara cin gemunsa. Aikinsa a ɗakin gwaji yake, wani dogon ɗaki mai farar tayil a bayan manyan tankunan tace ruwa, inda yake isa da ƙarfe bakwai saura kwata, ya rataye hularsa a ƙusa guda, ya sa farar riga. Yana auna gurɓacewar ruwan da ya shigo daga kogi, ya ƙayyade yawan alif da za a zuba don laka ta kwanta, ya duba ko sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta ya isa. Mutum ne da ya san aikinsa, kuma ya san ya sani.

Shekara huɗu bayan rasuwar matarsa, 'yarsa ɗaya tilo ta yi aure ta koma wani gari, gidan ya yi masa faɗi. Shi da kansa ya yanke shawarar sake aure. Da yake ba mai yawan shiga mutane ba ne, sai ya yi rajista a wata manhajar haɗa masu neman aure, ya sa hoto, ya cike shekaru da tsayi. Da ya zo gurbin da aka ce mutum ya bayyana aikinsa cikin haruffa ɗari uku, bai yi wata-wata ba ya rubuta:

“Jami'in fasaha mai daraja ta ɗaya a sashen kula da ingancin ruwa. Ɗaukar samfuri, gwajin sinadarai da na ƙwayoyin halitta, da shirya rahoton mako bisa ƙa'idojin da aka gindaya.”

Ya karanta sau biyu, bai ga kuskure ko ɗaya ba, ya gamsu. A sana'arsa rahoton da ya fi kyau shi ne wanda ba abin da ya faru a cikinsa, kuma ya saba da rubutun da ba ya ɗaga wa kowa gira. Wata uku suka shuɗe. Manhajar tana nuna masa cewa mata arba'in da bakwai sun buɗe shafinsa, amma ko sallama babu wadda ta yi masa. Saƙonni shida da ya aika, biyar ba amsa, ta shidan ta ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Yayarsa ce ta gano zancen. Ita ta goye shi yana jariri, saboda haka ba ta neman izini kafin ta ɗauki wayarsa. Ranar wata Asabar da hantsi ta zo duba shi, ta zauna a falo ta karanta bayanin da ƙarfi, da irin muryar mai karanta sanarwa a rediyo.

“Auta, mata kake nema ko ƙarin girma a wurin aiki?”

“Wace kalma ce ba gaskiya ba a ciki, Yaya?”

“Duk gaskiya ce. Takardar da ke cikin kwalin magani ma gaskiya ce, ka taɓa ganin wanda ya karanta ta har ƙarshe? Duba nan, layi biyu na farko kaɗai ake gani kafin a taɓa. Kai kuma ka cika su da daraja ta ɗaya. Matar da ta gaji da aiki ta kwanta tana latsa waya, ina ruwanta da darajarka?”

Ta gyara zama ta rubuta masa nata: babban masanin kimiyya, mai riƙe da rayuwar gari a tafin hannunsa. Ya karɓi wayar ya goge.

“Ni ba babban masani ba ne, akwai mutum biyu a samana. Kuma garin ba a hannuna yake ba. Ba na sa hannu a kan abin da ban auna ba.”

“To zauna da ma'auninka, ya dafa maka abinci.”

Ta nemi ruwa, ya kawo kofi biyu. Kafin ya sha nasa ya ɗaga shi saitin taga, ya karkata shi, ya sansana. Yaya ta riƙe haɓa.

“Wannan ɗabi'ar kuma, in Allah ya sa wata ta kira ka gidansu, ka bar ta a bakin ƙofa. Ka tozarta ni da ita a gidan surukaina, ba na so a ƙara.”

Suka rabu kowa na kan bakansa. Shi dai ya ƙudura a ransa cewa idan watan ya ƙare ba labari zai rufe shafin, ya haƙura da zaman kaɗaici.

Ranar Talata Yaya tana da ziyara a wata unguwa can gefen gari, kuma ta san ranar ce yake zagayen ɗaukar ruwa, sai ta ce ya rage mata hanya. Ya ce sai dai ta yi haƙuri da tsaye-tsaye. Suka tsaya a famfon asibiti, suka tsaya a na kasuwa, tana cikin mota tana fifita da gefen mayafi. Daga nan kwalta ta ƙare, gidaje suka fara tazara, har suka isa wani famfo a jikin katangar makarantar firamare, inda mata kusan goma suke layi da bokitai.

Da ganin motar sai layin ya dare. Wata tsohuwa ta janye bokitinta tana cewa, “Ku ba Mai Kwalba wuri, yau Talata.” Yaya ta sauko don ta ga abin da ya sa ake yi wa ƙaninta irin wannan tarba.

Ya buɗe famfon ya bar ruwan yana zuba na 'yan mintoci, domin wanda ya kwana a bututu ya fita. Ya cika wata 'yar kwalba, ya jefa farar ƙwaya ƙarama a ciki, ya murƙushe ta, ya girgiza. Matan suka matso, hira ta tsaya. Ruwan ya rine, ya koma ruwan hoda. Ya kara kwalbar da wani faifai mai launuka, ya rubuta lamba a littafinsa.

“Ya yi?” in ji tsohuwar.

“Ya yi, Baba. A sha lafiya.”

Sannan ya rufe famfon, ya gasa bakin famfon da 'yar wuta, ya sake buɗewa, ya cika wata kwalba mai murfi ya sa a cikin kula mai ƙanƙara. Wannan ita za ta kwana a na'urar ɗumi a ɗakin gwaji, a ga ko wata ƙwayar cuta za ta tsiro.

A mota, da suka hau kwalta, Yaya ta juyo ta dube shi.

“Me ya kawo ka har nan? Famfunan cikin gari sun ƙare ne?”

“Wannan shi ne na ƙarshe a kan bututun. Maganin kulorin yana raguwa a hanya, ƙarfinsa ne launin yake nunawa. In ya iso nan da ƙarfinsa, to na san ya ratsa duk gidajen da ke kan layin kafin nan.”

“In bai yi launin ba fa?”

“Sau biyu ya taɓa faruwa. Na farko bututu ne ya fashe a ƙarƙashin wata kwata. Na hana ɗiba, na tsaya a wurin har aka kawo tankar ruwa, muka bi layin muka gano wurin kafin la'asar.”

“Shekara ashirin da ɗaya, ban taɓa jin wannan ba. Ka ajiye shi a ciki kana ba mutane daraja ta ɗaya.”

“Wannan ai ba shi ne aikin ba, Yaya. Talata ce kawai.”

“To Talatar za ka rubuta. Ba ƙarya a ciki, ka auna ta da hannunka.”

Wannan hujjar ta shige shi, domin da ma'auninsa aka auna ta. Da ya koma ofis ya gama rahoton ranar, sai ya juya bayan wata takarda ya fara. Ya rubuta ya soke har sau biyar. Sunan muƙaminsa ya fara fita, kalmar samfuri ta bi shi. Ya so ya bayyana abin da launin yake nufi da abin da ake yi in bai fito ba, haruffan suka ƙare, ya kira Yaya yana ƙorafi. Ta ce ya bar shi haka, ai sai an bar wa mutum abin tambaya kafin ya yi magana. Abin da ya rage shi ne:

“Kowace Talata nakan je famfo na ƙarshe a garin nan, in jefa ƙwaya a ruwansa in jira ya koma ruwan hoda. In ya koma, yaran unguwar za su sha lafiya. Ni ne mai gwada ruwan da kike sha. Gargaɗi: nakan ɗaga kofi in duba kafin in sha, ko a gidan wa.”

Yaya ta ce a cire gargaɗin. Ya ce wadda za ta zauna da shi gara ta sani tun yanzu, ya bar shi.

Cikin mako guda saƙo huɗu suka shigo. Biyu gaisuwa ce kawai. Ɗaya ta kawo ƙarar cewa unguwarsu kwana tara ba ruwa, ya ba ta lambar sashen da ya dace. Ta huɗun wata mai ɗinki ce, mijinta ya rasu, tana da shago da kekuna uku. Ba ta tsaya dogon gabatarwa ba, ta rubuta: “In bai koma ruwan hodar ba fa?”

Ya ba ta amsar da ta fi duk rahotanninsa tsawo. Ita kuma ta gaya masa yadda take gane yadin da zai zuba tun kafin a wanke shi, ya yi ta yi mata tambayoyi har ta ce ashe shi ma ya iya tambaya. Bayan mako biyar ta ce ya zo ya gaisa da wanta.

Ya je da Yaya, wadda tun a hanya take ja masa kunne. Aka sauke su a falo mai labule shuɗi, aka gaisa da wan, aka taɓa hira. Mai ɗinkin ta shigo da faranti, ta ajiye wa kowa lemo, shi kuma ta ajiye masa ruwa a kofin gilashi. Ya ɗauka, ya ji idon Yaya a kansa, ya nufi baki da shi kai tsaye.

“A'a, Malam,” in ji mai ɗinkin. “Ɗaga mana. Don haka na ba ka na gilashi.”

Ya ɗaga shi saitin taga, ya karkata, ya sansana. Wan nata ya dakata da shan lemonsa yana jiran hukunci.

“Ruwan lafiya lau,” in ji Mai Kwalba. “Amma tankinku na sama ya kwana biyu ba a wanke ba.”

“Na faɗa maka, Yaya,” in ji mai ɗinkin, tana duban wanta. “Tun bara nake faɗa.”

A hanyar komawa yayarsa ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wanda ya je neman aure ya soki tankin gidan ba. Ya ce tambayarsa aka yi. Ranar Asabar ya koma da dogon buroshi, shi da wan suka wanke tankin. Wata biyu bayan haka ya rufe shafinsa a manhajar, kuma da aka tambaye shi dalili ya zaɓi layin da ya ce an dace.