Doguwar Gaisuwar Maikano

"Sabuwa ce hul, yanzu anka ɓare ledarta."

"To wa ya faɗa mata ina son akuyar Labbo? Ina buɗewa, ga ta!"

A gaban shagon Maikano ake wannan hirar, a kasuwar Birnin Konni, shi kuma yana ciki yana cizon leɓe. Waya yake sayarwa, shi ke buɗe wa mutanen ƙauye manhajar gajerun bidiyo. Amma kafin sana'ar waya, shi ne mai ba da dariya a bukukuwan garin, yanzu kuma yana saka barkwancinsa a manhajar. Labbo kuwa ɗan kabu-kabu ne daga Bazaga, mai ɗora akuya a bayan babur yana yi mata faɗan kuɗin mai, ya saka bidiyon a manhajar.

Maikano ya san yadda abin yake, sanin ne ma ya fi ci masa rai. Manhajar ba ta san sabon mai kallo ba, sai ƙasar da yake ciki da harshen wayarsa. Sai ta fara miƙo masa abin da mutanen yankin suka kalla har ƙarshe, suka maimaita, suka tura wa juna. Daga nan ta bi yatsansa: inda ya tsaya ta ƙaro irinsa, inda ya ture ta rage.

Sai ya yi dabara. Duk wayar da ya sayar, ya nemo shafinsa a ciki, ya danna bi, ya danna so. Ana fita da ita yana murmushi.

Wata ranar kasuwa Yakuba, wani mai lambun albasa daga Badaguishiri, ya dawo sayen caja. Maikano ya karɓi wayarsa, ya yi ta turawa sama. Akuya. Kokowa. Albasa. Akuya kuma.

"Baba Yakuba, ina nawa? Ni na sa maka da hannuna!"

"Ya fito, ɗana, sau nawa ma. Amma kai sai ina kwana, ina gajiya, ina gida, yaya sarakunanmu. Ni ko ga ruwa na gudu cikin lambu. Sai in ce bari in wuce, in dawo in ka gama gaisuwa."

"Ka dawo?"

"Ai ban ƙara ganinka ba."

Da yamma ya kai ƙara wurin matarsa Badi'a. "Yaron ga Labbo ko sallama bai yi! Haka nan zai faɗo ma mutane da akuya, kamar ba a haife shi gida ba."

"Kai ma ka kalle shi har ƙarshe," in ji ta. "Jiya ina ji kana maimaitawa."

"Aibunsa nike nema."

"Ita wayar ta san aibu kake nema? Taka ma yanzu Labbo ne sama da ƙasa."

Maikano ya gyara hula, ya miƙa mata wayar.

"Badi'a, riƙe ki ɗauke ni. In kin ji na fara ina kwana, don Allah ki jefe ni da ludayin nan."