Ma'aunin Maganin Auduga a Shafin Baya

A shekarun da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasar nan, ina aiki da wani kamfanin sayar da taki da maganin feshi a Tudun Wada. Ni ne mai haɗa jaridar kamfani, 'yar takarda mai shafi huɗu da muke aika wa dillalanmu kowane wata. Tsarin da na tarar shi ne jawabin manaja da hotonsa a shafin farko, sai ƙarin girma da bukukuwan ma'aikata, sai labarin motocin da muka sayo. Abin da ya shafi manomi kuwa yana can baya, da ƙananan haruffa, in wuri ya rage.

A wannan shekarar aka kawo mana sabon maganin auduga mai ƙarfi. Tsohon, gwangwanin madara biyu ake zubawa a tankin feshi. Sabon ɗaya ne, in an wuce haka ganye ya ƙone. Bayanin jikin galan da Turanci yake, don haka na rubuta shi da Hausa, ya tafi shafin baya kamar kullum.

Wata rana na kai jaridar wurin dillalinmu na Dutsen Abba, na zauna shan ruwa. Ashe karanta wa manoma yake yi a ƙofar shago, don yawancinsu ba su yi boko ba. Mutumin almajirin littafi ne, ba ya tsallake layi. Daga farko ya ɗauko, ya karanta jawabin Alhaji manaja kaf, ya shiga sunayen waɗanda aka ƙara wa girma. Mutane suna gyaɗa kai don kara. Yana cikin labarin motoci aka kira la'asar, ya naɗe takarda, kowa ya watse. Na tambaye shi ko yakan kai ƙarshe, ya yi dariya ya ce, "Malam, salla takan riga mu."

Na gaya masa ma'aunin da baki, amma dillalanmu suna da yawa, wasu ban ma san hanyar garinsu ba, ga lokacin feshi yana matsowa.

Washegari na shiga wurin Alhaji. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba ni shafin farko na watan nan don ma'aunin magani. Sanarwar ma'aikata ta koma ciki, jawabi kuma a taƙaita shi." Na ba shi labarin abin da na gani.

Alhaji ba mugu ba ne, ya saurare ni har ƙarshe. Sai ya ce, "Kai da bakinka ka ce shafin farko kawai ake karantawa. To, shugaban kamfani ma haka yake. Ya zo ya buɗe mana sabon sito, an ɗauki hoto, in bai ga kansa a gaba ba ni zai kira. Ka bari sai wata mai zuwa."

Na fito raina a ɓace. Na ƙara wa bayanin girman haruffa, amma a baya ya zauna, hoton shugaba da almakashin buɗe sito ya cinye gaba.

Da watan ya zagayo na tuna masa, ya cika alkawari. Ma'auni ya hau shafin farko da zanen gwangwani ɗaya, a ƙarƙashinsa yadda ake wanke tanki da rufe hanci. Sanarwa ta koma shafi na uku, jawabin Alhaji ya zama layi kaɗan a baya. Haka tsarin ya zauna har na bar aikin, dillalai ma suka fara aikowa a ƙara musu kwafi.

Amma a makon da jaridar ta fito wani dattijo ya zo ofis da ganyen auduga a ƙunshe cikin tsumma, duk sun bushe sun nannaɗe. Ya ce haka gonarsa ta zama gaba ɗaya. Alhaji ya turo shi wurina. Na ba shi kujera, na ɗauki sabuwar jaridar na karanta masa shafin farko. Bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Yaro, yaushe kuka san haka?"

Na ce, "Tun farkon damina, Baba."

"Kun rubuta?"

"Mun rubuta, a shafin baya."

Ya ɗaure tsummansa a hankali. Ya ce, "Ni duk wata ina zama a karanta mini. Na san sunan manajanku, na san motocinku. Ba a taɓa kai mu baya ba."

Na raka shi har bakin titi.